Buhu 380 ko 400: imel ɗin da wani matashi a Apapa ya rubuta wa na gaba da shi

Kamfanin da wannan lamari ya faru a cikinsa yana sayen riɗi daga Arewa, ya tara a sito a Legas, ya loda a kwantena, ya fitar ta tashar jiragen ruwa ta Apapa. Masu kamfanin Hausawa ne, yawancin ma'aikatan ofis ma haka, don haka saƙon da ke tsakaninsu yakan zo da Hausa, a bar Turanci ga banki da kwastan da kamfanin jirgi. Mutum biyu abin ya shafa. Na farko matashi ne da ya tashi a Agege, aikinsa tsayawa a sito lokacin lodi, ya ƙirga buhuna, ya rubuta, direba da mai sito su sa hannu. Na biyu dattijo ne da kowa ke kira Alhaji, shi ke haɗa takardun fitar da kaya, kuma ya fara wannan aiki tun kafin matashin ya shiga firamare. Alhaji ba shi ne shugaban matashin kai tsaye ba, amma ya girme shi a shekaru da aiki, kuma maganarsa tana da nauyi a wurin manaja. Ni ina ɓangaren lissafin kuɗi, kuma wurina matashin ya kawo maganar.

Ranar Litinin aka loda kwantena ɗaya mai ƙafa 20. Buhunan riɗi masu kilo 50 ne, kuma 380 suka shiga, wato tan 19. A takardar jerin kaya da Alhaji ya shirya kuwa an rubuta buhu 400, tan 20, kuma wannan adadi ne ya shiga daftarin takardar lodi da kamfanin jirgi ya turo a duba. Kamfanin jirgin ya ba da wa'adin karɓar gyara zuwa ƙarfe 12 na ranar Alhamis. Wanda ya san harkar ya san abin da ke biyo baya idan aka bari ya wuce. Gyara bayan an fitar da takardar lodin, kuɗi ake biya, kuma idan takardu suka ce tan 20 mai saye ya sauke tan 19, rikicin tan ɗaya zai taso, banki ma na iya riƙe biya idan takardu suka saɓa wa juna. Matashin shi ya ga bambancin, kuma Alhaji ne kaɗai ke da hurumin tura gyara.

Ga abin da matashin ya aika wa Alhaji ranar Talata da yamma. A gurbin Subject ya rubuta "Gaisuwa da neman afuwa".

"Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma da ɗaukaka, ya ja zamaninka. Ina fata Yallaɓai ya wuni lafiya, ya iyali, ya fama da jama'a. Da farko ina neman afuwa bisa damun ka da na yi, na san ayyuka sun yi maka yawa. Kowa a kamfanin nan ya san babu wanda ya kai ka sanin takardu, mu duka ɗalibanka ne, kuma ni ban isa in ce komai a kan aikinka ba. Sai dai kawai, wataƙila ni ne ban fahimta ba, kamar na ga ɗan abu a maganar kwantenar jiya, amma na san ka fi ni sani. Idan Yallaɓai ya samu sarari ko yaushe ne, babu gaggawa. A gafarce ni idan na yi kuskure. Allah ya bar mana kai. Yaronka mai biyayya."

Amsa ta zo bayan Magariba, daga wayar Alhaji: "Amin, na gode. Allah ya yi albarka."

Wannan amsa ita ce alamar farko cewa saƙon bai yi aikinsa ba. Idan ka rubuta wa babba kana neman ya yi wani abu, ya amsa maka da addu'a kaɗai, to addu'a ya karanta. Alhaji bai yi laifi ba. Manhajar imel a waya tana nuna kan saƙo da layi ɗaya ko biyu na farko, kuma abin da ya gani shi ne gaisuwa da neman afuwa. Ko da ya buɗe ya karanta har ƙarshe, babu lambar kwantena, babu 380, babu 400, babu ranar Alhamis. Abin da ya fi ɓata lamarin shi ne "babu gaggawa", domin ba gaskiya ba ne. Saura ƙasa da kwana biyu wa'adi ya cika, amma don kada a ce ya matsa wa babba, matashin ya faɗa masa akasin abin da yake buƙatar ya sani. A nan fadanci ke cutar da wanda ake yi wa. Da wa'adin ya wuce, sunan Alhaji ne a kan takardar, shi manaja zai kira.

Ban ga laifin matashin a niyyarsa ba. Tarbiyyar da aka yi mana ita ce ba a shiga wurin babba a faɗa kan magana kai tsaye, sai an gaisa, an tambayi gida da gajiya. A Legas kuma abin ya ninku, domin yaron da ya tashi a Agege ko Idi-Araba ya tashi ne tsakanin al'adu biyu masu girmama manya, tamu da ta Yarbawa, ga kuma al'adar ofis inda "oga" ke fitowa a kowace jimla. Idan ya zauna rubutu, duk sai ya kwaso su ya zuba a wuri guda. Amma gaisuwar baki tana da abin da ke daidaita ta: babba yana amsawa, yana katse ka, yana cewa "to, me ke tafe da kai?" A rubuce babu mai katse ka. Gaisuwar da za ta ɗauki daƙiƙa ashirin a bakin ƙofa, idan aka rubuta ta sai ta cinye rabin shafi, ta koma kirari.

Ranar Laraba da safe ya kawo mini daftari na biyu, wanda ya rubuta cikin dare bayan ya gane an yi asarar yini. Wannan karon ya tsallaka ɗaya ɓangaren.

"Alhaji, adadin da ka rubuta a takardar kwantenar Litinin ba daidai ba ne. Buhu 380 ne, ba 400 ba. Ka gyara kafin gobe. Na riga na faɗa maka jiya."

A gurbin Cc ya sa manaja.

Duk abin da ke cikin wannan gaskiya ne in ban da jimlar ƙarshe, domin jiya bai faɗi komai da za a iya aiki da shi ba. Amma da ya aika, da ya sayi gaba ta shekaru. Babu sallama. "Ka rubuta" ya ɗora yatsa a kan mutum, alhali takarda ake magana a kai. "Ka gyara" umarni ne daga wanda ba shi da ikon ba da shi. Sa manaja kuwa, a saƙon farko da ya bayyana matsalar, daidai yake da tsayawa a tsakiyar ofis ka ɗaga murya ka ce dattijo ya yi kuskure. Mutane da yawa suna ɗauka cewa zaɓi biyu ne kawai, ko ka kwanta ko ka yi tsaye ƙiƙam, shi ya sa wanda ya gaji da na farko yake faɗawa na biyu.

Muka ajiye duka biyun, muka fara da tambaya ɗaya: me Alhaji yake buƙata a gabansa don ya yi gyaran cikin minti biyar, ba tare da ya kira kowa ba? Lambar kwantena, adadin da ke takarda, adadin da aka loda, shaidar ƙirga, da lokacin da ƙofa za ta rufe. Waɗannan muka fara rubutawa, sannan muka koma kan ladabi. Tsarin yana da muhimmanci, domin wanda ya fara da ladabi yakan gaji kafin ya iso ga magana.

Kan saƙon ya zama "Kwantenar riɗi ta Litinin: bambancin adadin buhu, wa'adin gyara Alhamis 12 na rana". Ko Alhaji bai buɗe ba, ya san abin da ake ciki.

Sai laƙabi, kuma a nan muka ɗan jima. Matashin yana son "Ranka ya daɗe". Na tambaye shi me yake kiran mutumin idan sun haɗu a matakala, ya ce Alhaji. Na tambaye shi me sauran ma'aikata ke kiran sa, ya ce Alhaji. To wannan shi ne ma'auni: laƙabin da kake faɗa a gabansa, wanda ya saba ji daga bakinka, shi za ka rubuta, sau ɗaya a sama. Idan ka ɗaga laƙabi a rubuce sama da wanda kake amfani da shi a baki, mai karatu zai ji cewa akwai abin da ake nema a wurinsa, kuma babba da ya daɗe a aiki yana da hancin jin wannan, domin duk mai neman bashi ko alfarma da haka yake farawa. "Ranka ya daɗe" ba laifi ba ne a kansa. Da Alhaji mai sarauta ne, ko da shi ne mai kamfanin kuma haka kowa ke gaishe shi, rashin sa shi ne zai zama rashin ladabi. Abin da ya ɓata saƙon farko shi ne tara su: Ranka ya daɗe, Yallaɓai sau biyu, Allah ya ja zamani, yaronka mai biyayya, duk a kan mutumin da kuke shan shayi a ofis ɗaya.

Gaisuwa muka bar ta layi ɗaya, sallama da barka da safiya. Tambayar iyali tana da wurinta, amma ba a saƙon da ke ɗauke da wa'adi ba. Mun kuma zaɓi "ku" maimakon "kai", domin haka matashin ke yi masa magana a baki, kuma wannan ƙaramin abu yana ɗaukar girmamawa daga farkon saƙo har ƙarshe ba tare da an ƙara jimla ko ɗaya ba. Sharaɗin kawai shi ne a tsaya a kan ɗaya. Saƙon da ya fara da "ku" ya koma "kai" a tsakiya yana nuna cewa na farkon ado ne.

Wurin da ya fi wuya shi ne yadda za a faɗi kuskuren. Daftarin farko ya ɓoye shi, na biyu ya jefa shi a fuska. Hanyar da muka bi ita ce a bar takardu su yi magana: takardar jerin kaya ta nuna kaza, takardar ƙirgar sito ta nuna kaza, ga su a haɗe. Babu "kun yi kuskure", babu kuma "wataƙila ni ne ban fahimta ba". Wannan jimla ta biyu tana kama da tawali'u, amma matashin ya tsaya a bakin kwantena ya ƙirga, mutum biyu sun sa hannu. Idan ya ce bai tabbata ba alhali ya tabbata, ya ba Alhaji dalilin ajiye maganar, kuma ya rage darajar ƙirgarsa a duk lodin da zai biyo baya.

Akwai dai abin da matashin bai sani ba da gaske, kuma shi ya dace ya zama tambaya. Bai san daga ina 400 ya fito ba. Mai yiwuwa yarjejeniya da mai saye ta ce tan 20 kuma an shirya takarda tun kafin lodi. Mai yiwuwa akwai wata magana tsakanin Alhaji da manaja da ba ta iso sito ba. Tambaya a kan wannan gaskiya ce, kuma tana barin ƙofa a buɗe: idan kuskure ne, Alhaji zai gyara ba tare da an tilasta masa furta cewa ya yi kuskure ba, idan kuma akwai dalili, matashin bai ci kunya ba. Ni a ganina a nan girmamawa ta gaske take zaune a irin wannan saƙo. Ka tabbatar da abin da ka gani da idonka, ka yi tambaya a kan abin da yake hurumin babba, ka bar masa yanke hukunci.

Yabon kuma duk muka cire. Na ce wa matashin ya ɗauki kowace jimla ya tambayi kansa: idan na goge ta, me Alhaji zai rasa? "Babu wanda ya kai ka sanin takardu" idan ta tafi, Alhaji bai rasa komai na aiki ba. An rubuta ta ne don ta sayi sassauci kafin a faɗi abu mara daɗi, kuma yabon da ya zo gab da gyara yana ƙara wa gyaran ɗaci, domin kamar ana cewa ne ga gwani, ga kuma abin da ya yi. Yabon gwani ya zama dole, amma yana da lokacinsa, kuma yana da kyau ya kama wani abu takamaimai. Da Alhaji ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda ake cike fom ɗin NXP, wanda mai fitar da kaya ƙasar waje ke cikewa ta banki, godiya a kan wannan, a wata rana daban, ita ce za ta shiga zuciya.

Neman afuwa ma haka. Saƙon farko ya nemi afuwa sau biyu a ciki, sau ɗaya a kai, kan laifin da ba a yi ba. Sanar da abokin aiki matsalar da ke cikin takarda aiki ne, ba damu ba ne. Amma akwai abu ɗaya da ya cancanci a ambata: saƙon jiya bai fito da magana fili ba, kuma ya ce babu gaggawa. Wannan muka bari, jimla ɗaya, domin Alhaji zai yi mamakin yadda abin da ba shi da gaggawa jiya ya zama na gobe.

Ga abin da aka aika wajen ƙarfe tara na safiyar Laraba.

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da safiya.

Ina rubuto muku ne kan kwantenar riɗi da aka loda ranar Litinin, lambarta tana jikin takardun da na haɗa. Takardar jerin kaya da daftarin kamfanin jirgi sun nuna buhu 400, tan 20. Takardar ƙirgar sito, wadda direba da mai sito suka sa wa hannu, ta nuna buhu 380, tan 19. Ni na tsaya a wurin lodin.

Ban san ko akwai wani dalili na 400 ɗin da bai iso gare mu a sito ba. Idan babu, ina roƙon a tura gyara ga kamfanin jirgi, domin sun ce za su rufe karɓar gyara gobe Alhamis ƙarfe 12 na rana, bayan nan sai an biya.

Saƙona na jiya bai fito da maganar fili ba, kuma na ce babu gaggawa alhali akwai. A yi haƙuri da wannan.

Idan akwai wata takarda da kuke buƙata daga sito, zan kawo yau. Na gode, Allah ya saka da alheri."

Sai sunansa da ɓangaren da yake aiki. A lura da yadda wa'adin ya zo. Bai ce "ku yi kafin gobe" ba, ya ce kamfanin jirgi ne zai rufe gobe. Lokacin ɗaya ne, amma wanda ya sa shi ya bambanta, kuma gaskiyar ke nan: ba matashin ne ya ƙayyade ranar ba. "Ina roƙon a tura" kuma ya ishe shi. Roƙo ɗaya a fili ya fi "don Allah" uku.

Ba a sa manaja a Cc ba. Na faɗa masa cewa wannan shawara tana da iyaka. Idan Laraba ta ƙare babu amsa kuma babu gyara, to da safiyar Alhamis dole manaja ya sani, domin dukiyar kamfani ce, kuma kare fuskar babba ba ya kai ga a bar asara ta afku. Ko a lokacin ma, ladabi shi ne ya fara faɗa wa Alhaji cewa zai sanar da manaja saboda lokaci ya ƙure, kada Alhaji ya tsinci sunan manaja a saman saƙo. A ofishin da doka ta ce kowace maganar takardun fitarwa sai da manaja a ciki, sai a sa shi tun farko, babu wanda zai ɗauke shi da wata manufa.

Abu na ƙarshe da na ba shi shawara ba a rubuce yake ba. Zuwa da kai ya fi saƙo, kuma ofishin Alhaji hawa ɗaya ne tsakaninsu. Bayan ya aika, ya hau, ya yi sallama, ya gaishe shi yadda ya saba, da tambayar gida da gajiya, sannan ya ce ya turo saƙo kan kwantenar Litinin, akwai wa'adi gobe. Duk gaisuwar da muka cire daga imel ɗin a nan ta sami wurinta. Imel ɗin kuma ya zama shaidar adadi da lokaci, wanda kowa zai iya komawa gare shi bayan wata shida. Da Alhaji yana cikin tasha ranar, inda cunkoson manyan motocin Apapa kan riƙe mutum yini guda, kiran waya na minti ɗaya zai yi wannan aiki.

Alhaji ya buɗe saƙon a gabansa, ya duba takardar ƙirga, ya ce an shirya jerin kayan ne daga yarjejeniya tun ranar Juma'a, kafin a san buhu nawa kwantenar za ta ɗauka, kuma babu wanda ya turo masa ƙirgar sito bayan lodi. Kafin Azahar ya tura gyara ga kamfanin jirgi, ya rubuta wa mai saye kan ragowar tan ɗaya, kuma shi da kansa ya sa manaja a Cc. Amsar da ya ba matashin layi biyu ce: an gyara, kuma daga yau ya riƙa turo masa hoton takardar ƙirga ranar da aka gama kowane lodi, kafin a rufe ofis.